Na biya an gyara min bayanin fanka, ga yadda ta kaya

Da zafin Maris ya kankama a Gombe na sauke fanka mai caji guda 40, masu inci 16. Dillalin da ke Guangzhou ya turo bayanin kayan da wani irin Turanci wanda da gani na'ura ce ta juyo shi daga Sinanci. Yarona ya sake zuba shi a manhajar fassara ta waya, Hausa ta fito, muka liƙa a WhatsApp. Layin farko cewa ya yi: "Mai goyon baya mai sake caji, iska mai ƙarfi shiru tana kula da barcin iyali." Fanka ce fa ta koma mai goyon baya, sai ka ce ɗan kallon ƙwallo. Kwana biyar ko tayi ban samu ba, har wani abokin cinikina na Kumo ya bugo yana tambaya: "Alhaji, ko an sace maka lamba ne? Wannan rubutu irin na 'yan damfara ne."

Shi ya haɗa ni da wata yarinya a Pantami mai gyara wa 'yan kasuwa irin wannan rubutu. Kuɗinta bai kai ribar fanka ɗaya ba.

Na ɗauka daɗin baki kawai za ta ƙara ta miƙo min. Sai ta ce ba za ta rubuta ko harafi ba sai na turo hoton kwalin, da takardar da ke manne a gindin fankar, da jikin batirin. Abin da ya tsaya mata wani layi ne da ke cewa "Lokacin aiki 3-9H". Ashe akwai masu karanta shi a matsayin daga ƙarfe uku zuwa tara! Ni kuwa na ce ta rubuta awa 9 kawai a wuce wurin.

Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, mu lissafa tukuna." A jikin batirin an rubuta 12V 4.5Ah. Ta ninka 12 da 4.5, ya ba da 54, wato abin da batirin ke iya riƙewa ke nan. Takardar ta nuna fankar na cin wat 20 idan an ƙure ta, ka ga in ka raba 54 da 20 ko awa uku bai cika ba. Awa 9 ɗin sai a lamba ta ɗaya, inda iskar da ƙyar take ɗaga labule. Ta sa na cika guda biyu da caji na kunna su a shago. Wadda na ƙure ta mutu bayan awa biyu da minti ashirin, ta lamba ɗaya ta ɗan haura awa bakwai. Ga abin da ta rubuta: "Fanka ce mai caji, inci 16. In ka ƙure ta za ta yi maka kamar awa biyu. In ka bar ta a lamba ɗaya za ta kai ka asuba. Mun gwada da kanmu a shago." Maganar kula da barcin iyali da sauran kirarin dillali duk ta zubar. Wallahi na ji haushin ganin awa biyun nan a rubuce, amma a satin na sayar da 14, kuma babu wanda ya dawo min da ƙorafin batiri.

Da a nan aka tsaya da na ce ku ruga wurinta. Sai dai akwai layin sola. Abin da dillalin ke nufi shi ne farantin sola daban ake saye, in mutum na so. Na'ura ta mayar da shi "sola na zaɓi", ita kuma ta gyara shi ya zama "za ka zaɓi solar da kake so". Hausa ce mai kyau, shi ya sa kowa ya yarda da ita. Da an bar shi a karkacensa na da, mai saye zai tambaya. Wani malamin makaranta ya taso tun daga Dukku, ya biya, ya buɗe kwali a gabana yana laluben faranti. Na ba shi haƙuri har na gaji, ƙarshe na rage masa kuɗi na kuma biya masa na mota.

Abin da ya fi ci min rai, wadda ta sa ni kwance gindin fanka don ta ga batiri ba ta iya tambayata me ke cikin kwalin ba. Na kira ta, sai da aka kwana biyu ta ɗauka, wai jarrabawa. Ta dai amsa laifinta, ta mayar da layin "Babu sola a ciki, daban ake saye", ba ta karɓi ko sisi ba.

Fitilun da ke hanya ma ita zan ba wa, amma wannan karon a shago za ta zauna, kwali a buɗe a gabanta. Kuɗin motar Dukku kuwa har yanzu ban yanke ko zan cire shi daga ladanta ba.