Gidan burodin da nake aiki da takardar da ke manne a bangonsa

Yaya, ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya a gida. Kin ce in baki labarin yadda kaya suke a nan Ingila tunda kina tunanin fara sana'ar burodi, toh ni abin da na sani da kyau guda ɗaya ne, ɗan gidan burodin unguwarmu da nake shiga aiki ƙarfe huɗu na asuba, shi zan baki labari, musamman wata takarda da uwar ɗakina ta rubuta ta manna kusa da ƙofa, don wallahi na ga abin da takardar nan take yi da idona.

Da farko dai ki sani burodi iri biyu ne a nan. Akwai na manyan kantuna, yankakke a leda, laushi kamar auduga, yana kwanaki bai canza ba. Yawancinsa da wata hanya ake yinsa da aka ƙirƙiro a wani gari na nan mai suna Chorleywood a 1961, inji ne mai mugun gudu yake dukan kwaɓin na 'yan mintuna, a sa yis da yawa da ɗan mai da sinadaran gyara kwaɓi, cikin awa uku da rabi ko makamancin haka an tashi daga fulawa zuwa burodi a leda. Idan kika juya bayan ledar zaki ga jerin sunaye da lambobi, irin su E471 da E472e masu riƙe laushi, wani kuma da E282 da ke hana fumfuna. Ba guba bane, an yarda da su, kuma yana da araha, ni kaina shi na ci shekarata ta farko. Sai kuma irin namu, burodin tsami, mai ɓawo mai ƙarfi, ya fi tsada nesa ba kusa ba, kwana uku ya fara tauri. Toh ki faɗa min, mutumin da bai sanki ba, bai san gidanku ba, me zai sa ya wuce mai araha ya zo ya ba ki kuɗinsa akan abin da zai yi tauri jibi?

A gida amana da fuska ake yinta, an sanki an san wanda ya haife ki, in abu ya ɓaci an san ƙofar da za a buga. Nan babu wannan, maƙwabcinki ma sai ku yi shekara baku wuce ɗaga hannu ba. Shi ya sa kusan kowane ƙaramin shago zaki ga mai shi ya rubuta labarinsa, yadda ya fara da dalilin da ya sa. Na karanta da yawa kuma gaskiya yawancinsu duk abu ɗaya ne, wai tun ina ƙarama nake son girki, kakata ce ta koya min, muna yi da ƙauna. Babu abin da mutum zai kama a ciki, babu abin da zai iya gwadawa ya ga gaskiya ne ko ƙarya.

Na uwar ɗakina daban yake, kuma gajere ne, bai cika shafi ɗaya ba. Ta fara da cewa ita ba gadon sana'ar ta yi ba, a kicin ɗinta ta koya bayan ta bar aiki, kuma ta daɗe tana zubar da burodin da ya ƙi tashi kafin ta yarda ta sayar wa kowa. Daga nan bata ƙara maganar kanta ba, sai ta koma kan burodin: fulawa, ruwa, gishiri da kwaɓin tsami, shikenan abin da ke cikin babban burodinmu. Ta rubuta cewa yau ake kwaɓawa gobe a gasa, don haka in ya ƙare ya ƙare, ba yadda za a yi a ƙaro a ranar. Ta rubuta da kanta cewa zai yi tauri a kwana na uku saboda bata sa komai da zai riƙe shi, ta kuma faɗi abin da za a yi da shi. A ƙarshe ta ce wanda yake so ya gani ya leƙo ta gilashin baya, muna nan.

Kin ga kowane layi a cikin nan abu ne da kwastoma zai iya kama ta da shi. Ni ne nake awo, bari in nuna miki. Fulawa kilo 10, ruwa lita 7, gishiri giram 200, kwaɓin tsami kilo 2. Wannan kwaɓin tsamin fulawa ce da ruwa kawai da ake ciyarwa kullum, yis na halitta da ƙwayoyin da ke kawo tsamin suna rayuwa a ciki, shi ne ke tada burodin. Jimilla kilo 19 da ɗan ɗori, in muka yanka giram 900 kowanne muna samun guda 21. Kwaɓin yana zama awa huɗu zuwa biyar yana tashi, muna so zafinsa ya tsaya wajen digiri 24 zuwa 25, muna ninke shi lokaci lokaci, sannan a mulmula a sa a kwanduna a tura firji ya kwana a wajen digiri 4. Da asuba a tsaga samansa da reza a sa a tanda mai zafin digiri 240 da tururi, minti arba'in ko kusa. Toh wanda ya zo ƙarfe sha ɗaya ya tarar ya ƙare, in ya karanta takardar ya san ba wulaƙanci bane, ba wai muna ɓoye wa wasu bane, lissafin ne bai bada dama ba. Kafin a manna ta mutane suna fita da fushi, yanzu sai kiji mutum ya ce a ajiye masa biyu gobe.

Maganar taurin ma haka. Wata tsohuwa da ke zuwa duk Asabar ta taɓa dawo da rabin burodi a jakarta ta ɗora kan teburin da muke sayarwa tana ƙwanƙwasa shi da yatsa, ta ce ji nan kamar katako. Uwar ɗakina ta tambaye ta ina ta ajiye, ta ce firji. Nan matsalar take, sanyin firji yana sa burodi ya yi tauri da sauri fiye da in an bar shi a waje, saboda sitacin da ke ciki yana sake ɗaurewa ne a sanyi. Ko dai ki kife yankakken gefen akan katako ki bar shi, ko ki yanka shi duka ki sa a firiza ki riƙa ɗauka kina ɗumamawa. Bayan wannan ne aka ƙara layin a takardar. Tsohuwar tana nan tana zuwa, har jikarta take kawowa ta ɗaga ta ta leƙa gilashi.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai wani abu ne da ya faru kan kalma ɗaya. A rubutun farko ta ce komai a nan muke yinsa. Gaskiya ne akan burodi, amma akwai kurwasan, wannan mai ninki ninki da bota, shi daskararre ake kawo mana a kwali mu dai gasawa muke, don yinsa yana son injin shimfiɗa kwaɓi da ɗaki mai sanyi, mu kuma bamu da wurin. Ita a ranta burodi take nufi. Wata safiya wani kwastoma da ke fita aiki da wuri ya ga ana sauke kwalayen daga mota, bai yi hayaniya ba, ya shigo ya nuna takardar da yatsa ya tambaya wannan komai ɗin har da abin da ke cikin kwalin can? Ina tsaye da tire a hannu, na ga fuskarta ta canza. Bata kare kanta ba, ta ce kana da gaskiya. A daren ta cire takardar ta sake rubutawa: burodi duk namu ne tun daga fulawa, kurwasan kuwa wani kamfani ne ke yi mu mu gasa, ga dalili. Ta kuma sa ɗan kati a gaban tirensa yana faɗin haka. Ni na ɗauka cinikinsa zai mutu, ya ɗan ragu kam, amma mutumin nan bai daina zuwa ba, kuma shi ne daga baya ya kawo mana odar wurin aikinsu.

Ni a ganina da ta bar kalmar nan da sauran takardar ma ta tashi a banza, don wanda ya kama ki a ɗaya zai fara tambayar kansa ko fulawa da ruwa da gishirin ma haka ne. Musamman a nan da doka bata fayyace me ake nufi da burodin tsami ba, kowa na iya rubuta sunan a leda alhali ya zuba yis na kanti da sauran sinadarai, don haka masu saye sun koyi zargi.

Akwai kuma ɓangaren da ba labari ke riƙe shi ba, hukuma ce, kuma nan ne bambanci da gida ya fi fitowa. Kafin ki buɗe wurin abinci sai kin yi rajista da ƙaramar hukuma aƙalla kwana 28 kafin ki fara. Duba gari suna zuwa ba sanarwa, su buɗe firji su auna sanyi su duba littafin shara da wanki, su bada maki daga 0 zuwa 5. A Ingila ba dole bane ki manna sitikar makin a ƙofa, a Wales dole ne, amma kowa na iya dubawa a wayarsa, uwar ɗakina kuma ta manna tata dab da takardar labarin don mutum ya karanta bakinta ya kuma ga na wanda ba ruwansa da ita. Sannan akwai abubuwa 14 da doka ta ce dole a sanar da mai saye in suna cikin abinci saboda masu alaji, alkama, madara, ƙwai, gyaɗa, riɗi da sauransu, kuma tun Oktoba 2021 duk abin da muka naɗe a leda kafin kwastoma ya zo sai an rubuta duka kayan haɗinsa a jiki. A nan ta ƙi yin alƙawarin da ba zata iya cikawa ba, ta rubuta ƙarara cewa muna amfani da riɗi da madara a ɗaki ɗaya, tebur ɗaya, don haka mai alaji mai tsanani kada ya dogara da mu. Na sha ganin ta tana ce wa uwa kar ta saya wa ɗanta mai alaji, kuɗi a hannun matar amma ta ƙi karɓa.

Ni kaina ranar da na fara zuwa neman aiki na tambaye ta ko akwai man alade ko giya a wani abu, ta ɗauko fayil ɗin kayan haɗi ta buɗe min shafi shafi, ta nuna min kek guda ɗaya na ƙarshen shekara da ake jiƙa 'ya'yan itacensa da giya, ta ce wannan kaɗai, kuma ba sai na taɓa shi ba.

Don haka Yaya in kin tashi rubuta naki, dan Allah turo min kafin ki manna, zan bi shi layi layi in tambaye ki wanne ne mai saye zai iya gani da idonsa. Ki kuma faɗa min irin tandar da kika samu da yawan fulawar da kike son farawa da ita, sai in rage miki awon nan daidai da ita, don da zafin da kuke ciki kwaɓin ba zai kai awa biyar yana tashi ba, sai an rage tsamin ko a kwaɓa da ruwan sanyi. A gaida su Mama da yara.