Ɗaga tiyo ko sa mahaɗin iska: wanne ke hana ruwan datti komawa injin wanke-wanke?

"Assalamu alaikum jama'a. Muna zaune a shuƙƙar haya a Jidda. Injin wanke-wankenmu yakan gama aiki tas, amma da safe sai in tarar da ruwa mai maiƙo da wari a ƙasansa, har da ƙwayoyin shinkafa. Wani sabbak, wato mai gyaran famfo, ya ce a ɗaga tiyon sama kawai, wani kuma ya ce sai an huda rukam, wato dutsen saman kantar kicin, an sa abin iska a gefen famfo. Wanne ne daidai?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Dukansu biyu suna da gaskiya, amma a irin gidanku na farkon ya fi kusa da abin da kike buƙata. Kafin ki biya kowa, ki fara tabbatar da inda ruwan yake fitowa. Ki cire wayar injin daga soket, ki fitar da matatar da ke ƙasansa, ki tsane ramin da soso har ya bushe. Sai ki toshe majla, wato kwanon wanke-wanken da ke ƙarƙashin famfon kicin, ki cika ta da ruwa zuwa rabi, ki zuba kofi ɗaya na zoɓo mai kauri, ki sake shi ya tafi gaba ɗaya. In kika buɗe injin kika ga ja-ja a ramin matata, to ruwan majla ne ke bin tiyo yana shiga. In kuma ramin ya zauna a bushe, matsalar a cikin injin take, wato matata ta toshe ko famfon da ke tura ruwa waje ya gaza, kuma babu ɗayan hanyoyin nan biyu da zai gyara wannan. Kada ɗan ruwa mai tsabta da ke kwance ƙarƙashin matata ya ruɗe ki. Mita ɗaya ta tiyo mai faɗin santimita 2 tana riƙe kusan mililita 300, kuma wani ɓangarensa yakan zuro baya idan famfon ya tsaya. Wannan ba laifi ba ne.

Abin da ke kawo dattin tsawo ne kawai. A ɗauka saman rukam ɗinki yana santimita 90 daga ƙasa, zurfin majla 20, gindinta ke nan yana kan 70. Ɗan bakin da ake soka tiyon injin a jikin bututun majla yakan faɗo wajen 55 ko 60, shi kuma ramin matatar injin bai fi 15 zuwa 20 daga ƙasa ba. Idan mai haɗawa ya bar tiyon kwance a gindin kabad, ya ɗago kansa kawai ya soka a bakin nan, to daga majla zuwa injin gangare ne babu abin da ya tare. Duk sanda kika saki ruwan tukunya da yawa lokaci guda, bututun ya cika ya kai bakin, wani kaso ya bi tiyo. Kitsen rago na kabsa da mandi yana daskarewa a bututu, sitacin shinkafa ya manne masa, hanya ta ƙuntata, ruwan ya riƙa jinkiri, abin ya ƙaru. Akwai ɗan marfin roba a bakin famfon injin da aka yi don ya hana komawar ruwa, amma ƙwayar lemon tsami ɗaya ko ɓarin gilashi ya isa ya hana shi rufuwa, don haka ba a dogara da shi shi kaɗai.

Ɗaga tiyo shi ne a hau da tsakiyarsa har ya taɓa ƙarƙashin rukam, a ɗaure shi a can, sannan ya sauko ya shiga bakin bututun majla. Da ƙwanƙolin ya kai santimita 84 ko 85, ruwan majla ba zai tsallake shi ba sai ya taru ya wuce wannan tsawon, wato sai bututu ya toshe kuma majla ta kusa cika bakinta. Littattafan injinan Amurka da yawa suna neman inci 32, kusan santimita 81, a matsayin mafi ƙaranci. Na Turai da Turkiyya, waɗanda suka fi yawa a shagunan nan, sukan ba da iyaka ta ƙasa da ta sama, wajen 40 ko 50 zuwa 100, saboda famfon ƙarami ne, ba ya iya tura ruwa sama fiye da haka. Ki duba naki littafin, adadin da ke ciki shi ne hukunci.

Aikin ba ya buƙatar kaya da yawa. Ramin da tiyo zai bi ya shiga kabad ɗin majla a huda shi can sama ta baya, ko in a ƙasa yake, a hau da tiyon ta jikin bango. A saka shi cikin lanƙwasasshiyar robar nan da ke zuwa a ledar injin, wadda yawancin mutane ke jefarwa tare da kwali, a ɗaure ta da sukuru a jikin bango ko katakon kabad. Amfaninta shi ne ta hana tiyon karyewa a ƙwanƙoli. Kada a yarda da salatif ko igiyar leda: ruwan da injin ke fitarwa yakan kai digiri 60 zuwa 70, gam ya saki, tiyon ya zame ƙasa a bayan robobin sabulu ba wanda ya gani. Daga ƙwanƙoli zuwa bakin bututu ya zama gangare ɗaya, kada ya yi ciki a tsakiya. A bakin a sa zoben ƙarfe mai sukuru a matse. Abubuwa biyu sabbak mai gaggawa yakan manta. Bakin nan sabo yana zuwa a toshe da roba, in ba a cire ba injin ba zai zubar da ruwa ba sam. Kuma dole bakin ya kasance sama da kwalbar da ke riƙe ruwa a ƙarƙashin majla, tsakaninta da majlar. In aka haɗa bayanta, warin kwata da kyankyasai sun sami hanya kai tsaye zuwa inda kike ajiye faranti.

Wasu injinan an riga an naɗe musu tiyo sama a jikinsu ko bayansu tun daga kamfani. Ko da haka a sake ɗagawa a kabad, don ragowar tiyon da ke kwance a ƙasa zai riƙa tara ruwan majla yana ruɓewa.

Inda wannan hanyar ta gaza shi ne tiyon har yanzu rufaffiyar hanya ce daga majla zuwa injin. Ranar da bututu ya toshe, aka cika majla fal da tukwane har ruwa ya kai 88, ya fi ƙwanƙolin 85, zai tsallake. Da ya tsallake ya cika tiyon, zai ci gaba da janyo kansa kamar yadda ake zuƙo fetur daga tanki, har sai ruwan ya sauka ƙasa da bakin iska ta shiga. Haka nan in aka danna robar buɗe toshiya da ƙarfi, matsin yana iya tura datti ya haye.

Mahaɗin iska an yi shi ne don ya yanke wannan hanyar. Ƙaramin abu ne mai hular ƙarfe da ke tsaye a gefen famfo, sama da bakin majla. Tiyon injin, mai faɗin milimita 16, yana hawa ya shiga ta ƙasa, ruwan ya fito a sarari cikin hular, ya faɗa wani rami dabam mai faɗin milimita 22, ya gangara bututun majla. Tsakanin biyun iska ce. Ruwan datti ko ya taso ba shi da abin da zai bi ya tsallaka, sai dai ya fito ta tsagar hular ya zuba cikin majla, kuma janyowar da na ambata ba ta yiwuwa. Shi ya sa wasu jihohin Amurka, kamar Kalifoniya, suka wajabta shi. Ta fuskar kariya ya fi ɗaga tiyo, babu gardama.

Sai dai yana da nasa wahalhalun, kuma a shuƙƙar haya suna da nauyi. Yana son rami mai faɗin kusan milimita 35. In majlarki ta ƙarfe tana da ramin da aka bari don robar sabulu, an huta. In babu, sai an huda rukam da bakin diril na lu'ulu'u ana zuba ruwa, kusa da gefe kuma dutsen yana iya tsagewa, ga shi sai da yardar mai gida. Ba kasafai ake ganin sa a kicin ɗin gidajen nan ba, saboda haka ba kowane shagon kayan famfo ke ajiye shi ba. Wanda zai nema a intanet ya rubuta `dishwasher air gap`, ya kuma tabbata bakunansa sun dace da tiyon injinsa, don na Turai ya ɗan fi milimita 16 faɗi, yakan buƙaci mahaɗi. Kansa yana kaiwa wajen santimita 95 ko 96 daga ƙasa, daf da iyakar wasu injinan.

Babban rauninsa tiyo na biyu ne. Daga hula zuwa ƙasa famfon injin ba ya turawa, nauyin ruwa ne kaɗai ke tafiyar da shi. In ya yi tsawo, ko ya yi ciki, ko an sa siriri a madadin na 22, maiƙo zai kwanta a ciki, kuma duk sanda injin ya zubar sai ruwa ya feso ta hula. Don haka ake juya tsagar ta kalli cikin majla, ba bango ba. Gyaran mai sauƙi ne: a zare hular, a cire murfin roba na ciki, a tsince abin da ya maƙale, a zura burushin wanke kwalba. Amma aiki ne da zai riƙa dawowa.

A wurinki Hajiya, ki sa a ɗaga tiyon yadda ya kamata, a kuma kwance kwalbar ƙarƙashin majla a wanke ta a rana ɗaya, sannan ki maimaita gwajin zoɓon, wannan karon da majla cike kashi uku cikin huɗu. In ramin ya zauna a bushe, ba ki da dalilin huda rukam ɗin mutane. Mahaɗin iska ya cancanci wahalarsa a gidan da majla ke tasowa da kanta, misali hawa na ƙasa a tsohuwar imara inda ruwan maƙwabta na sama ke ɓullowa idan babban bututu ya toshe, ko kicin ɗin da ake dafa abincin sayarwa.

Ki leƙa ki gani kuma ko tiyon naki ma ba majla aka kai shi ba. A gidaje da yawa ana cusa shi ne cikin balla'a, wato ramin magudanar ruwa da ke tsakar kicin, kuma wannan ya fi kowanne muni: tiyon na kwance a ƙasa, injin na iya zubar da ruwansa tun yana cika, kan tiyon kuma ya nutse cikin ruwan kwata duk sanda aka wanke ƙasa. In babu halin kai shi majla, sabbak ya kafa bututu a tsaye mai faɗin milimita 40, tsawon wajen santimita 60, da lanƙwasar riƙe ruwa a gindinsa. A soka tiyon santimita 10 zuwa 15 kawai, a bar sarari a kewayensa, kada a liƙe bakin da silikon.