Kuɗin yau ko kuɗin ranar: da wanne za a yi hasashen shekara biyar?

"Jama'a ina da injin gyaran shinkafa a Kura, banki sun ce in kawo hasashen shekara biyar kafin su ba ni bashi. In rubuta da farashin yau ne, ko in riƙa ƙara hauhawar farashi duk shekara? Ga kuma dala da ba ta tsayawa wuri ɗaya."

Alhaji, duka biyun suna da amfani amma kowanne da inda yake aiki, abin da ke kashe mutane shi ne cakuɗa su a takarda ɗaya.

Lissafin kuɗin yau shi ne ka daskarar da farashi yadda yake yanzu, buhun shanshera, gas, albashin yara, komai. Idan ribarka miliyan 10 ce bana kuma buhunan da kake casa ba su ƙaru ba, to a shekara ta uku ma 10 za ka rubuta. Nan ne za ka ga gaskiyar sana'ar, tana girma ko tana tsaye. Lissafin kuɗin ranar kuma, wanda 'yan akanta ke ce wa nominal, shi ne ainihin nairar da za ta shiga asusunka a waccan shekarar. Mu ɗauka hauhawar 20% ce duk shekara, waccan miliyan 10 ta koma 17.28 a shekara ta uku. A Excel, in miliyan 10 ɗin tana a B2:

```
=B2*(1+0.2)^3
```

Sai mutum ya ga 17 ya ce ai kasuwa ta buɗe, alhali abin da 10 ke saya yau shi 17 ɗin za ta saya, ko ƙwayar shinkafa ba ta ƙaru ba.

To amma banki da kuɗin ranar yake aiki, tunda abin da za ka riƙa biyansu an rubuta shi da naira ne, haka haraji ma. Kuɗin ruwan da suka yanka maka ma hauhawar na cikinsa. In sun ce 30% kuma hauhawa 20% ce, ainihin nauyin da ke kanka shi ne 1.30 raba 1.20 ka cire 1, wato wajen 8.3%, ba 10% da mutane ke samu in sun ɗebe kawai ba.

Ga inda cakuɗawar ke cuta. Kana so ka san darajar ribar shekara ta uku a yau. In ka ɗauki 17.28 ka dawo da ita baya da 30% sau uku za ka samu wajen miliyan 7.9. In ka ɗauki 10 ka dawo da ita da 8.3% nan ma 7.9, hanya biyu amsa ɗaya. Amma in ka ɗauki 10 ta kuɗin yau ka buga mata 30%, sai ta faɗo wajen 4.6, ka cire hauhawa sau biyu ke nan, ka fasa aikin da yake da riba. In amsoshin biyu ba su zo ɗaya ba, to akwai layin da ya cakuɗe, koma ka nemo shi.

Maganar dala ni ta fi damuna. Kar ka sa ta cikin hauhawar gida, ba tafiyarsu ɗaya ba. Hauhawa a hankali take hawa, naira kuwa zama take sai rana ɗaya ta rikito. Farkon Yunin 2023 dala tana wajen 460 a hukumance, CBN ya saki farashin a watan, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta kai wajen 1,500. Injin dala dubu 10 da yake miliyan 4.6 ya koma miliyan 15, alhali hauhawar da NBS ta sanar ta watan Disambar 2024 34.8% ce. Wanda yake ta ware kuɗin sauya inji bisa tsohon farashi, ranar da injin ya kwanta wallahi ko rabi ba zai iya saya ba. Don haka duk abin da ake shigo da shi, sifiya, bel, robar casa, rubuta shi da dala a layinsa daban, ka sa farashin dala a gida ɗaya da za ka iya canzawa, ka gwada shi sau uku: yadda yake, ya hau da kashi 30, ya ninka.

Kuma kar ka shafa 20% ɗaya a kowane layi. Gas da shanshera suna iya tsere wa kuɗin casa da kake karɓa, saboda kwastoma ba ya yarda da ƙari nan take, sai bayan wata da watanni. Jarin sayen shanshera da kaka ma kullum ƙaruwa yake ko da buhunan ba su ƙaru ba, nan ne ribar takarda ke maƙalewa ka rasa tsabar biyan banki.

Ni dai in ni ne, da kuɗin yau zan fara don in gamsu aikin na ci, sannan in hau da kowane layi da nasa kason in kai wa banki na kuɗin ranar. A saman kowane shafi ka rubuta wanne ne, da shekarar da ka ɗauki farashin, don ma'aikacin bankin zai tambaya.