Sharhi: na auna Birnin Kebbi zuwa Zuru da Google Maps, ga abin da na gani

Wata uku ke nan ina amfani da Google Maps wajen yanke wa mutane kuɗin dakon kaya da 'yar akori-kurar da nake ja, to na ga gara in rubuta yadda muka kwashe da ita, don akwai wani abu guda a cikinta da ya ci min kuɗi, kuma laifina ne ba nata ba.

Wani kawuna ne ya kira ni yana da buhunan shinkafa da za a kai Zuru daga nan Birnin Kebbi, ya ce "ɗana, nawa za ka yi min?" Ni kuma ban taɓa jan mota zuwa Zuru da kaina ba, sai na ce kawu ba ni minti biyar. Na buɗe taswirar, na danne yatsa a kan Birnin Kebbi har jan alamar nan ta fito, na taɓa Measure distance, wato wurin auna nisa, na ja taswirar har Zuru. Ta nuna min kusan kilomita 160. Motata da kaya tana cin lita ɗaya a kilomita goma, sai na lissafa lita 16 zuwa, 16 dawowa, 32 ke nan, na ɗora ɗan abin da zan samu na faɗa masa, ya ce Allah ya yi albarka.

Wallahi tun muna Koko na san na tafka. Na duba mitar mota na ga mun ci wajen kilomita 135, na tambayi wani dattijon direba da ke shan shayi a bakin hanya, na ce Baba Zuru saura kaɗan ko? Ya kalle ni ya yi dariya ya ce "yaro ai yanzu za ka karya kwana, da sauranka." Da muka sauke kaya mitar ta nuna 220 da ɗoriya. Zuwa da dawowa man da na sha ya kai lita 45, wato lita 13 daga aljihuna, kuma ka san ba a komawa wurin kawu a ce a ƙara.

Da na dawo gida sai na zauna na sake aunawa, wannan karon gaɓa-gaɓa, don Measure distance ɗin tana bari ka riƙa ƙara ɗigo a duk inda kake so. A nan ne na gane inda kilomita sittin da wani abun nan suka shige.

Zuru tana kudu maso gabas da Birnin Kebbi, layin da na ja da farko a karkace ya tafi, ya ratsa gonaki da daji kai tsaye kamar tafiyar tsuntsu. Kwalta kuwa ba haka ta bi ba. Daga Birnin Kebbi za ka bi ta Kalgo ka shiga Jega, a Jega ka hau babban titin da ya taso daga Sakkwato ya nufi Yawuri da Kwantagora, ka yi ta miƙawa kudu ta Maiyama har Koko, sannan ka juya gabas ka bi ta Mahuta da Dabai ka shiga Zuru. Koko da Zuru kusan a saiti ɗaya suke, ɗaya a yamma ɗaya a gabas, to ka ga kamar mutum ne yake son zuwa ɗayan ɓangaren filin ƙwallo, maimakon ya ratsa ta tsakiya sai ya bi gefen layi har kusurwa sannan ya juya. Na auna miƙaƙƙen layi daga Birnin Kebbi zuwa Jega na samu wajen 32, Jega zuwa Koko wajen 90, Koko zuwa Zuru wajen 77. Haɗa su ka gani, kusan 200. Wato ko da a ce kowane yanki an shimfiɗa shi sak kamar an ja zare, kwanar Koko ita kaɗai ta ƙara kilomita 40 a kan 160 ɗin. Babban titin nan ai ba don Zuru aka yi shi ba, arewa da kudu ya haɗa, ita Zuru reshe aka fitar mata daga jikinsa, kuma ba wanda zai fasa sabon titi a daji alhali akwai wanda za a jingina da shi.

Sauran ashirin da 'yan kai ɗin kuma ƙananan lanƙwasa ne da ba ka ganin su sai ka buɗa taswirar sosai da yatsu biyu. Titi yana ratsewa ya shiga gari saboda mutane da kasuwa, kamar yadda ya ɗan hau arewa ya taɓa Mahuta kafin ya sauko. Ga ruwa kuma, layina na farko ya tsallake gulbin Zamfara da gulbin Ka ba tare da ya tambayi kowa ba, mota kuwa dole ta nemi inda gada take, kuma gada ba a kafa ta ko'ina, sai inda ƙasa ke da ƙarfi kuma fadama ba ta yi faɗi da yawa ba, in ba haka ba damina ɗaya ta ci ta.

Akwai abin da na daɗe ina ɗauka wanda ashe ba haka ba ne. Da muka doshi ƙasar Zuru aka fara ganin duwatsu da hawa da gangara, yaron motata ya ce ai hawan nan ne ke ƙara nisa tunda taswira a shimfiɗe take. Ni ma haka na zata. Ƙanena da ke koyar da lissafi a sakandare ya zana min a takarda: in titi yana hawa mita 10 a kowace mita 100, wanda hawa ne mai ƙarfi da mota da kaya sai ta koma ƙaramin giya, abin da ya ƙaru a kan kilomita guda mita 5 ne kacal. Hawan mai yake sha, amma nisan da yake ƙarawa bai taka kara ya karya ba. Kewaye dutsen da titi ke yi don kada ya hau shi, wannan ne mai ƙara tafiya.

Game da manhajar kanta, gaskiya ta yi. Da na taɓa Directions, wato wurin nuna hanyar da za a bi, daga baya na sa garuruwan biyu, adadin da ta ba ni bai yi nisa da abin da mitar motata ta nuna ba, to ka ga amsar tana nan tun farko, ni ne na buɗe ƙofar da ba ita ba. Measure distance tana da ranarta, na auna tsawon gonar gidanmu da ita, kuma in an ce maka wani ƙauye kilomita kaza ne daga bakin titi za ka iya dubawa. Abin da ba za ka dogara da manhajar a kansa ba shi ne sanin halin da hanya ke ciki a ranar, ko ramuka ko shingen jami'ai ko batun tsaro, wannan sai ka leƙa tasha ka tambayi direbobin da suka kwana a hanyar.

Yanzu in na raba 225 da 160 ina samun 1.4, shi ya sa in aka tsare ni da tambaya babu netwok, nakan ɗauki nisan layi in ƙara masa kusan rabi in hanyar mai kwana ce irin ta Zuru. Amma kada a ɗauke shi doka, don Jega zuwa Koko da titin ya miƙe bambancin bai fi kilomita goma ba. Tauraro huɗu da rabi na ba manhajar. Kawu kuma ya sake kira shekaranjiya wai akwai wasu buhunan, na ce masa wannan karon lita 45 za mu fara lissafawa, ya yi shiru ya ce zai kira ni.