Tamista ce ta saki ko sandar hita ce ta yi rauni?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Firinta ta mai buga 3D tana aiki da bolt 24 da famwayar Marlin. Ina buga PLA a digiri 210, amma da ta shiga shimfiɗa ta biyu sai zafin ya fara sauka, daga nan ta tsaya ta rubuta Thermal Runaway. Wani ya ce tamista ce, wani ya ce hita ce. Wanne zan canza?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka sayi ko ɗaya tukuna, domin kowane daga cikin lahanin biyu yana da alamarsa, kuma da maltimita da ɗan haƙuri za ka gane wanda ya same ka.

Famwayar ba ta ganin ainihin zafin bulon alminiyam ɗin da nozul yake ɗaure a jikinsa, abin da tamista, wato ƙaramar na'urar auna zafi, ta gaya mata kawai ta sani. A saitin Marlin na asali, idan zafi ya riga ya kai inda aka sa shi, sannan ya sauka da fiye da digiri 4 ya kuma kasa komawa cikin daƙiƙa 40, sai ta kashe hita ta tsayar da aiki. Saboda haka saƙon yana nufin abu ɗaya ne kawai: an ba hita wuta, amma lambar da ake karantawa ta ƙi tashi. Ko dai bulon ya huce da gaske, ko kuma yana da zafi tamistar ce ba ta faɗin gaskiya.

Abu na farko da nake dubawa shi ne yadda lambar take sauka. Bulon alminiyam yana riƙe zafi, ba zai yiwu ya sauka daga 210 zuwa 185 cikin daƙiƙa ɗaya sannan ya koma ba. Idan ka ga irin wannan tsalle, musamman lokacin da kan firinta ya kai wani gefe na musamman, to wayar tamista ce ta fara karyewa a cikin robarta ko kuma mahaɗinta ya saki. Hita mai rauni kuwa ba ta sa tsalle. Zafin yana zamewa ne a hankali, 208, 206, 203, har ya tsaya a wani wuri ya kasa hawa.

Sai dai akwai yanayin da yake ruɗar mutane, kuma shi ya fi haɗari. Idan ƙwayar tamistar ta ɗan zamo daga raminta ba tare da waya ta karye ba, iskar fankar sanyaya aiki tana iya bugunta kai tsaye, sai lambar ta sauka a hankali tamkar hita ce ta gaza. Ita wannan fanka yawanci a shimfiɗa ta biyu ake kunna ta, wanda ya dace da lokacin da matsalarka take farawa, don haka lokacin kaɗai bai isa ya wanke ko ɗaya daga cikinsu ba. Filamen ne zai raba gardamar. Idan tamista ce ta zamo, hita tana ci gaba da aiki da dukan ƙarfinta, bulon yana wuce zafin da ka nema, filamen yana zuba daga nozul kamar ruwa, yana barin zare-zare, wani lokaci ma ya yi duhu ya fara ƙauri. Idan hita ce ta gaza, filamen yana yin tauri, injin da yake tura shi yana ƙwas-ƙwas yana zamewa, layukan kuma suna fitowa sirara da giɓi a tsakaninsu. Idan ka ji ƙauri, ka kashe wuta nan take, domin bututun PTFE da yake cikin wasu kawunan yana fara lalacewa idan zafi ya haura wajen digiri 250.

Kana iya maimaita matsalar ba tare da ɓata filamen ba. Ka ɗumama nozul, ka jira ya daidaita, sannan ka kunna fankar:

```
M109 S210
M105
M106 S255
M105
```

A amsar M105, lambar da ke bayan `@:` ita ce ƙarfin da ake ba hita, kuma 127 shi ne iyakarsa. Idan tun kafin ka kunna fanka lambar tana kusa da 127 don kawai a riƙe 210, ba abin da ya rage na yaƙi da iska.

Daga nan sai awo, bayan ka cire firintar daga wuta ta kuma huce sarai. Tamistar da aka fi amfani da ita ta kan nuna kusan kilo-om 100 a zafin digiri 25. Ka cire ta daga bod, ka ɗora mita, ka riƙa lanƙwasa wayar a hankali daga wannan kai zuwa wancan. Idan lambar ta yi tsalle ko ta ɓace a wani wuri, ka samo karayar. Ka duba sukurun da yake riƙe ta ma, saboda ɗaure shi da ƙarfi yana yanka rigar wayar ko ya fasa ƙwayar gilashin. Wayar da ta yanke gaba ɗaya ta kan kawo saƙon MINTEMP, wadda ta haɗe da 'yar'uwarta kuma MAXTEMP, don haka abin da kake nema a nan shi ne wadda take tsaka-tsaki.

Ita sandar hita lissafi ne yake tona ta:

```
R = V² / P
```

Hita mai wat 40 a bolt 24 ya kamata ta nuna om 14.4, mai wat 40 a bolt 12 kuma om 3.6. Na taɓa shan wahalar kwana biyu da wata da na saya a matsayin mai wat 40, na canza tamista sau biyu a banza, sai da na auna hitar na ga om 19. Wato mai wat 30 ce aka ba ni. Tana kai 210 lafiya idan fanka a kashe take, amma na cire safar silikon da take rufe bulon saboda ta yage, kuma bakin fankar ya ɗan karkata sama yana busa bulon maimakon aikin. Da na mayar da safa na gyara bakin fankar, saƙon bai sake fitowa ba tun kafin sabuwar hita ta iso.

A ganina, yawancin abin da ake kira raunin hita ba a cikin sandar yake ba. Sau da yawa wayarta ce ta tsinke rabi a inda take lanƙwasa, ko sukurun da yake matse wayar a kan bod ya saki har robar wurin ta yi baƙi, ko kuma sandar tana wasa a cikin raminta ba ta manne da bulon ba. Idan om ɗin ya fito daidai, nan za ka koma ka duba.

Tunda ka ce zafin yana sauka ne, ba ka ce yana tsalle ba, na fi karkata ga ɓangaren hita da iskar fanka, amma ka fara taɓa tamistar da yatsa bayan ta huce ka tabbatar ba ta motsi a raminta. Duk abin da ka canza ko ka gyara, ka sake daidaita PID, wato saitin da yake sarrafa ƙarfin hita, da fanka a kunne, sannan ka adana:

```
M106 S255
M303 E0 S210 C8 U1
M500
```

Ina roƙonka kada ka bi shawarar masu cewa a kashe wannan kariya a famwaya ko a tsawaita daƙiƙoƙinta don saƙon ya daina fitowa. Ranar da tamista ta fice daga raminta gaba ɗaya kana wani ɗaki, wannan kariyar kaɗai ce za ta yanke wa hitar wuta.