Na gwada hanyoyin dawo da takardar da ta ɓace a Word, ga abin da na gani

Aikina taifin ne, ina buga wa ɗalibai furojet da wasiƙun neman aiki da su takardun ƙungiya, don haka kusan kullum ina cikin Word, kuma abin da nake so in faɗa a kan wannan tsarin nasu na ceto takarda shi ne yana aiki sosai wallahi, amma mutane suna haɗa matsala biyu da ba iri ɗaya ba. Takardar da ba a yi sebin ba daban, wadda aka yi sebin wani abu a kanta aka danne na da daban, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Bari in fara da ta farko tunda ita ce mai sauƙi. Kwamfutar shagona ta tebur ce, ba batir, in an ɗauke wuta kafin a tada janareta ta mutu. Wata rana ina buga wa wata ɗaliba babi na huɗu, sabon shafi ne ko suna ba a sa masa ba, mun yi nisa har da teburan lissafi, sai ɗif. Da na kunna na buɗe Word sai ga wani gefe ya fito a hagu mai suna Document Recovery da takardar a ciki da lokacin da aka ajiye ta. Na danna, aikin ya dawo sai ɗan sakin layi na ƙarshe da babu. Dalilin rashin wannan sakin layin shi ne AutoRecover ba kowane harafi yake ajiyewa ba, yadda yake zuwa duk minti 10 ne yake ɗaukar kwafi, to in ya ɗauka da 11:20 wuta ta tafi 11:28, aikin minti takwas ɗin nan ya tafi ke nan, ba inda za ka same shi. Shi ya sa na shiga File > Options > Save na mayar da Save AutoRecover information every zuwa minti 2, kuma na tabbatar akwai alama a akwatin da ke ƙasansa, Keep the last AutoRecovered version if I close without saving. Wannan akwatin na biyu shi ke cetonka ran da hannu ya riga tunani ka danna Don't Save.

In gefen nan bai fito ba kar ka tada hankali. Ka je File > Info > Manage Document > Recover Unsaved Documents, zai buɗe maka wata folda mai fayiloli masu ƙarewa da .asd, ka duba kwanan wata da lokaci ka zaɓi naka. In kana so ka je da kanka ka liƙa wannan a saman File Explorer:

```
%LocalAppData%\Microsoft\Office\UnsavedFiles
```

Abu biyu a nan don Allah. Da ta buɗu ka yi Save As nan take kafin ma ka tsaya karantawa, domin kwafin wucin gadi ne. Sannan ba ya zama har abada, kwana 4 ake ajiye irin waɗannan sai a share, wanda ya zo min bayan sati biyu yana cewa yaya ka duba min, gaskiya sai dai haƙuri.

To yanzu ga wadda ta fi cin rai, kuma ita ta sa ni wannan rubutun. Wani ɗalibi ya kawo min laftof ɗinsa ido ya yi ja, ya buɗe babi na biyu don ya ari tsarin shafin, ya goge abin da ke ciki ya rubuta babi na uku, ya danna Ctrl+S ya rufe. Sunan fayil na nan babi na biyu, cikinsa kuma na uku ne. Ya ce min "yaya ai an ce Word yana ajiye kwafi da kansa". Na ce masa ƙanena wannan kwafin na wanda bai yi sebin ba ne, kai kuwa ka yi, kuma da zarar ka yi sebin ka rufe lafiya Word yana ɗauka ka gama sai ya share kwafin .asd ɗin. Da bai rufe ba da Ctrl+Z ya isa, domin ko bayan sebin kana iya komawa baya muddin takardar na buɗe.

Mun bi hanyoyin ɗaya bayan ɗaya. Na danna dama a kan fayil ɗin, Properties, sai Previous Versions, wayam ba komai, domin wannan sai in tun farko an kunna File History na Windows, shi kuma yana buƙatar wani wurin ajiya daban kamar hard disk na waje, yawancin laftof ɗin ɗalibai ba a taɓa kunna shi ba. Na nemi fayil mai suna Backup of da ƙarshen .wbk a foldar, shi ma babu, don sai an sa alama a Always create backup copy a File > Options > Advanced. Ni a shago na kunna wannan, amma ka sani mataki ɗaya kawai yake riƙewa, wato yadda takardar take kafin sebin na ƙarshe, in ka danna Ctrl+S sau biyu bayan ɓarnar to shi ma ya ɗauki ɓarnar.

Abin da ya cece shi, foldar Documents ɗinsa ashe tana haɗe da OneDrive tun ran da aka saita masa laftof ɗin, shi bai ma sani ba. Muka haɗa intanet da wayata, na buɗe takardar na shiga File > Info > Version History, sai ga jerin tsofaffin kwafi a dama kowanne da rana da lokacinsa. Na buɗe na daren jiya, babi na biyu cif har da manazarta. A nan ban danna Restore ba, sai na yi sebin tsohon da sabon suna, saboda in tashi da babi biyun kowanne a fayil ɗinsa, ba in dawo da ɗaya ya hau kan ɗaya ba. Yaron nan har hannuna ya riƙe yana godiya, ni ma na ji daɗi har raina don na san wahalar da ke cikin haɗa babi na biyu.

A ganina Version History shi ne ya fi duka, amma yana da iyakarsa. Asusun OneDrive na kai da kai kwafi 25 na baya ake iya dawowa da su, kuma abin da bai hau intanet ba ba ya cikin jerin, in ka yi kwanaki kana aiki ba data to canje-canjen tsakani ba za ka gan su ɗaya-ɗaya ba. Fayil ɗin da ke kan filash kuwa ba ruwansa da wannan gatan gaba ɗaya.

Sai maɓallin AutoSave da ke can sama ta hagu, wanda ake rikita shi da AutoRecover. Shi sai takardar tana OneDrive ko SharePoint, yana sebin a kan ainihin fayil ɗin duk bayan 'yan daƙiƙu. Yana da daɗi in wuta na wasa, amma ga mai ɗabi'ar buɗe tsohuwar wasiƙa ya canza suna da kwanan wata ya mayar da ita sabuwa, kafin ka ankara ya riga ya danne tsohuwar. In yana kunne ka fara da File > Save a Copy tukuna, ka ba ta sabon suna, sannan ka taɓa rubutun.