Turmi na farko ko na biyu? Bambance turamen haƙoran sama

Idan aka ajiye maka turmin sama guda a tafin hannu, fara duba tudun da ke baya ta ɓangaren ganɗa. A turmi na farko wannan tudun cikakke ne, shi ya sa saman haƙorin ke da faɗi da tudu huɗu bayyanannu. A na biyu kuwa ya ƙanƙance, wani lokaci ma babu shi sam, sai haƙorin ya koma mai tudu uku, siffarsa kamar zuciya.

Daga nan sai kunyar da ta ratsa saman haƙorin a karkace, daga babban tudun gaba na ɓangaren ganɗa zuwa tudun baya na ɓangaren kunci. A na farko tana da kauri, farce ma yana jin ta. A na biyu ta fi kwanciya, ƙananan tsagogi sun yawaita kewaye da ita.

Akwai kuma ɗan tudu na biyar, tudun Karabeli, a jikin babban tudun nan. Ganinsa na nuna na farko ne galibi, amma kada rashinsa ya ruɗe ka, don mutane da yawa ba su da shi.

Saiwa uku ce ga kowanne, biyu wajen kunci, ɗaya wajen ganɗa. Na turmin farko a wawware suke. Na biyu sun matsu, sun karkata baya, har sukan manne. A ganina, idan taunawa ta cinye tuddan, saiwar ce abin dogaro.